RA'AYINMU: A auna idon direba da gaske kafin a buga hatimi

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Damagaram zuwa Tanut ya san yadda ake zaɓen mota a tasha. Za a duba taya, a saurari kukan inji, a tambayi karan mota ko burki na ci. Mai buhun hatsi zai yi ciniki har sai an rage masa dala ashirin. Amma ba mu taɓa jin wanda ya tambaya ko direban yana gani sosai ba, alhali idanun nan biyu su ne ke ɗauke da rai da dukiyar duk wanda ke cikin motar. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da gwajin ido zai zama abin da ake yi da gaske kafin a ba mutum takardar izinin tuƙi, wato farmi, da kuma lokacin da direban haya ya fara manyanta. Kuma muna ganin ƴan kasuwa ne ya fi kamata su matsa a kan haka, domin su ne suka fi kowa kwana a bisa hanya.

Hanyar da muke magana a kanta ba ƙaramar hanya ba ce. Ita ce hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta tashi daga Damagaram ta ratsa Bakin Birji da Tanut ta nufi Agadas. Tun da aka buɗe matatar man Soraz a shekarar 2011, tankokin mai sun ƙaru a kan manyan motocin hatsi da na dabbobi da aka saba gani. A wannan shekarar ce kuma Balbeji ta rabu da Tanut ta tsaya da ƙafarta, kuma mutanenta sun san yadda hanyoyin daji suke, inda ƙura ke tashi ta rufe gaban mota. Ranar kasuwa kuwa amalanke da raƙumi da babur da yara masu talla duk a gefen hanya ɗaya suke. Galibin masu zuwa cin kasuwa da asuba suke tashi, su komo bayan magariba, wato daidai lokacin da ido mai rauni ya fi yaudarar mai shi.

To, mene ne gwajin idon? Da yawa daga cikin masu karatu sun taɓa ganin allon nan mai haruffa a bangon ɗakin likita, waɗansu manya waɗansu ƙanana. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci an fi amfani da allon Monoyer, sunan wani likitan ido Bafaranshe na ƙarni na 19. Ana tsayar da mutum mita 5 daga allon, a rufe masa ido ɗaya, ya karanta har inda ya gaza, sannan a sauya ido, daga baya a gwada su biyun tare. Ana rubuta sakamakon bisa goma. Layin da ya fi ƙanƙanta, wanda tsawon harafinsa bai wuce milimita 7 da ɗan kai ba, shi ne 10 bisa 10. Layin 5 bisa 10 ya ninka shi sau biyu, kimanin santimita ɗaya da rabi. Babban layi kuwa, na 1 bisa 10, harafinsa ya haura santimita 7. Ma'anar lissafin mai sauƙi ce: abin da mai 10 bisa 10 zai tantance daga mita 100, mai 5 bisa 10 sai ya matso mita 50 kafin ya tantance shi.

Kada wani ya ce ai direbobinmu da yawa ba su yi lakwal ba, yaya za su karanta haruffa. An daɗe da magance wannan. Akwai allon da babu kome a kansa sai alama guda mai ƙafa uku kamar cokali mai yatsu, ana juya ta sama da ƙasa, dama da hagu. Wanda ake gwadawa zai nuna da hannunsa inda ƙafafun suka fuskanta, shi ke nan. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta iya wannan gwaji cikin minti biyar, kuma sakamakonta daidai yake da na malamin makaranta.

Sai mizanin da ake yanke hukunci da shi. Mu ɗauki na Tarayyar Turai, wanda Faransa ke aiki da shi, tunda tsarin farminmu na A, B, C, D da E kama yake da nata. An raba direbobi gida biyu. Mai babur da mai ƙaramar mota ana son ya kai 5 bisa 10 da idanunsa biyu a buɗe, ko da tabarau ne. Har mai ido ɗaya ana iya ba shi, muddin idon da ya rage ya kai mizanin kuma ya saba da halin da yake ciki. Amma mai kamiyo da mai babbar motar fasinja an tsaurara masa: idonsa mafi kyau ya kai 8 bisa 10, ɗayan kuma kada ya gaza 1 bisa 10. Dalilin bambancin a fili yake. Babbar mota ba ta tsayawa da wuri, direbanta na daɗewa a bisa sitiyari, kuma idan ta yi ɓarna ba mutum ɗaya take ɗauka ba. A Faransa direban babbar mota yana komawa gaban likita duk shekara 5, idan ya kai shekara 60 kuma sai a matso da wa'adin.

Bari mu kawo misali, mu bi shi daki-daki. A ɗauka ga direban kamiyo ɗan shekara 54, ya shekara talatin yana jigilar hatsi daga kasuwannin Damargu zuwa Damagaram, kuma zai rantse maka idonsa garau yake. An tsayar da shi gaban allo. Idon dama ya tsaya a 4 bisa 10, na hagu ya kai 6 bisa 10, su biyun tare 6 bisa 10. Da ƙaramar mota yake tuƙawa da ya wuce. Amma ga kamiyo ya faɗi, domin babu idonsa da ya kai 8.

Mai yiwuwa wani ya ce an matsa masa, tunda 6 da 8 ba su da nisa. To, a yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 70 a awa tana cin kusan mita 20 a daƙiƙa guda. Daga lokacin da direba ya gane haɗari zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka burki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, idan ma bai gaji ba. Mita 20 ke nan. Kamiyon da ya sha lodi, ko burkinsa na da kyau, yana iya buƙatar kusan mita 50 kafin ya tsaya cik a kan busasshiyar kwalta. Jimla kimanin mita 70. Yanzu a ce akwai abin da lafiyayyen ido zai gane daga mita 100, alal misali cewa duhun nan da ke gefen hanya yaro ne yake shirin tsallakawa, ba kututture ba. Mai 8 bisa 10 zai gane shi daga mita 80, yana da rarar mita goma. Direbanmu mai 6 bisa 10 sai a mita 60 zai gane, wato motar za ta wuce wurin da mita goma kafin ta tsaya. Wannan lissafi ne na kusa-kusa, domin haske da ƙura da gajiya duk suna sauya shi, amma ya isa ya nuna cewa ba don mugunta aka sa 8 ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne gwajin bai ƙare a nan ba, kuma nan ne ma'aikacin da ya san aikinsa ke bambanta da mai buga hatimi kawai. Zai ɗauko wani ɗan faifai baƙi mai ƙaramar huda, ya ce direban ya leƙa allon ta cikinta. Idan gani ya ƙaru ta hudar, alama ce cewa idon lafiyarsa lau, saitinsa ne kawai ya kauce, kuma tabarau zai gyara. A misalinmu, idon dama ya tashi daga 4 zuwa 9 bisa 10, na hagu kuwa ya tsaya a 6. Ke nan idan aka yanka masa tabarau daidai da idonsa, na dama zai ba shi 9, na hagu ya riga ya haura 1 bisa 10 nesa, ya cika sharaɗin tuƙa kamiyo. Sai a rubuta a farminsa cewa ba ya tuƙi sai da tabarau. Idon hagun da ya ƙi ƙaruwa kuma a tura shi wurin likitan ido, domin a shekarunsa abin da aka fi zato shi ne yanar ido ta fara. Mutumin da ya shigo yana fargabar za a raba shi da abincinsa ya fita da sana'arsa a hannu, kuma yanzu yana ganin hanya fiye da yadda ya gan ta shekaru da dama.

Muna jaddada wannan ne saboda tsoro shi ne babban abin da ke hana direbobi zuwa gwaji. Suna ɗauka faɗuwa gaban allo daidai take da ajiye makulli. Alhali manyan abubuwa biyu da suka fi rage gani a duniya, wato kaucewar saiti da yanar ido, duka suna da magani. Na farko tabarau, na biyu aikin tiyata na ƙasa da awa guda, inda ake cire ƙwayar da ta dushe a sa ta roba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa tsofaffin direbobin da aka yi wa aikin yana sun yi kimanin rabin haɗarin da waɗanda ba a yi wa ba suka yi. Yanar ido tana da wata alama da ya kamata fasinja ya sani: hasken fitila na watsuwa a cikin idon. Da rana direba yana iya lallaɓawa, amma da dare, da zarar mota ta taho daga gaba da fitila, sai kome ya zama fari fat a gabansa. Idan kika lura, Hajiya, cewa direbanku yana taka burki ko yana kaucewa gefe duk lokacin da wata mota ta haska shi, ko yana yawan cewa karan mota ya duba masa hanya, to akwai magana.

Amma akwai cutar da allo ba ya kamawa, kuma ita ce muka fi jin tsoro. Ita ce hawan jinin ido, wadda likitoci ke kira gilakoma. Tana cin jijiyar gani a hankali, galibi daga gefe, ba zafi ba ja, ta bar tsakiya garau har sai ta yi nisa. Mai ita yana iya karanta layin 10 bisa 10 ba tare da kuskure ba, alhali yana kallon duniya kamar ta cikin bututu. Ba zai ga babur ɗin da ya fito daga lungu ba, ba zai ga akuyar da ta zabura daga dama ba. Ƙwaƙwalwa kuma tana cike gurbin da ya ɓace, shi ya sa shi kansa bai san yana da ita ba. Cutar ta fi yawa a tsakanin baƙar fata, tana kama mu da wuri fiye da Turawa, kuma tana bin dangi. Don haka ne mizanin Turai bai tsaya ga allo ba, ya haɗa da faɗin gani: digiri 120 daga gefe zuwa gefe ga ƙaramar mota, 160 ga babba. Don a gane, idan mutum ya miƙe hannuwansa biyu dama da hagu, tsakaninsu digiri 180 ne.

Gwajin farko na faɗin gani ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikaci zai zauna gaban mutum, tazarar mita guda, kowa ya rufe ido ɗaya suna kallon juna, sai ya riƙa shigo da yatsansa daga gefe, daga sama, daga ƙasa, mutumin ya faɗi lokacin da ya fara ganinsa. Wannan yana kama babbar ɓarna ne kawai. Ƙaramar ɓarna sai da na'urar auna faɗin gani, tare da auna ƙarfin ruwan ido da leƙa jijiyar, aikin da ake zuwa sashen ido na babban asibiti domin shi, kamar na Damagaram. A nan dole mu faɗi gaskiya mai ɗaci. Abin da gilakoma ta ci ba ya dawowa. Maganin ɗigawa da tiyata suna tsare abin da ya rage ne. Direban da aka kama tasa da wuri zai iya ci gaba da aiki yana ɗiga magani kullum. Wanda tasa ta yi nisa kuwa, babu tabarau ɗin da zai mayar da shi kan sitiyari, kuma duk wanda ya sa masa hannu a takarda don tausayi ya zalunci fasinjojinsa.

Yanzu ga inda gwajin ke lalacewa ko da an yi shi. Na farko, tazara. Idan allon mita 5 ne, aka rataye shi a ƙaramin ɗaki aka tsayar da mutum a mita 3, to mai 3 bisa 10 zai karanta layin 5, mai 5 bisa 10 kuma zai karanta layin 8. Wato da kuskuren taku biyu ko uku, wanda bai cancanci ƙaramar mota ba ya samu, wanda bai cancanci kamiyo ba shi ma ya samu. Akwai allunan da aka yi musamman domin mita 3, amma kowane allo da tazararsa, kuma a rubuce take a jikinsa. Na biyu, leƙe ta tsakanin yatsu, ko gwada idanu biyu tare kawai, abin da ke ɓoye idon da ya mutu. Na uku, hadda: idan layin mutane na tsaye a bakin ƙofa suna jin abin da na gaba ke karantawa, na goma ba ya buƙatar ido. Na huɗu kuma, wanda ya fi duka muni, takardar da aka cika ba tare da an tsayar da kowa gaban allo ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Takardar gaskiya tana ɗauke da lamba ga idon dama, lamba ga idon hagu, da bayanin ko da tabarau ne ko babu. Wadda aka rubuta wa “lafiya lau” kawai ba ta ce kome ba game da ido.

Maganar ba ta direbobi kaɗai ba ce. Iyaye mata da yawa sun sayar da akuya ko sun ci adashi don haɗa wa ɗansu takardun shiga soja, ko jandarma, ko ɗan sanda, ko duwan, daga ƙarshe a dawo da shi daga wurin binciken likita saboda ido. Irin waɗannan ayyuka kowane da mizaninsa. A waɗansu, kamar tuƙin jirgin sama da na ƙasa, ana ƙarawa da gwajin launi, da wani littafi mai ɗige-ɗige masu kala da wani likita ɗan Japan, Ishihara, ya fitar a 1917. Wanda aka haifa ba ya bambance ja da kore sosai ba zai ga lambar da ke ɓoye cikin ɗige-ɗigen ba. Abin gado ne, ya fi kama maza, ba ya ƙaruwa, ba ya kuma warkewa. Bai hana tuƙin mota ba a mizanin Turai, amma yana rufe ƙofar waɗansu ayyuka. Shawararmu ita ce a kai yaro a auna idonsa kafin a fara kashe kuɗin takardu da na mota zuwa Yamai. Idan tabarau ne matsalar, a tambaya tun da wuri ko aikin da yake nema yana karɓar mai tabarau.

Kuma tunda da ƴan kasuwa muke magana, ga wata ƴar tunatarwa ga masu sayar da tabarau a faranti. Yawancin wanda ake sayarwa a kasuwa na karatu ne, na waɗanda suka haura shekara 40 suka fara nisanta takarda ko zaren allura kafin su gani. Yana da amfani ga tela da mai ƙirga kuɗi. Amma an yi shi ne don abin da ke kusa, kuma ga yawancin mutane yana dusashe abin da ke nesa. Direban da ya saya ya sa ya hau hanya ya ƙara wa kansa matsala. Shi kuma baƙin tabarau na rana, a cire shi da zarar rana ta faɗi.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin hukuma ba. Ma'aikatar sufuri ta rubuta mizanin idon da dokarmu ta tanada ga kowane rukunin farmi, da Hausa da Faransanci, a manna a kowace tasha daga Damagaram har Tanut da Balbeji, yadda direba zai san lambar da ake nema a wurinsa, ma'aikaci kuma ya san jama'a sun sani. A tabbatar akwai allo mai alamar ƙafa uku, da faifan huda, da zanen mita 5 a ƙasa, a asibitin gunduma da manyan ɗakunan shan magani. Kayan nan gaba ɗaya ba su kai kuɗin taya guda ba. A kuma ƙayyade kuɗin gwajin, a ba da rasit, domin ba mu son abin da muka nema don kare rai ya zama sabon shingen karɓar na goro.

Ƙungiyoyin direbobi su ma suna da rawar takawa, wadda ta fi ta kowa wuya. Idan aka ce dattijo ya sauka daga mota, sai an san abin da zai ci. Tasha tana da ayyukan da ba sa buƙatar faɗin gani: kamasho, rubuta fasinja, kula da lodi, riƙe asusun ƙungiya. Idan direbobi suka ga wanda ya faɗi gwaji ba a jefar da shi ba, za su zo da ƙafarsu. Idan suka ga an watsar da shi, za su sayi takarda ko nawa ne.

Ku kuma ƴan kasuwa, musamman masu ɗaukar shatar mota guda duk mako, kuna da ƙarfin da ba ku amfani da shi. A Ingila, kafin a fara jarrabawar tuƙin ƙaramar mota, sai mai nema ya karanta lambar mota daga mita 20, in ya kasa an gama. Mita 20 kimanin taku 26 ne na babban mutum. Shugaban ƴan kasuwa zai iya jan direba gefe, cikin mutunci ba gaban jama'a ba, ya ce: “Malam, don Allah karanta mana lambar motar can.” Daga nan ya rufe ido ɗaya ya sake, ya rufe ɗayan ya sake. Wannan ba ya maye gurbin likita, ba ya kama gilakoma, kuma mizanin ƙaramar mota ne, bai kai na kamiyo ba. Amma wanda ya kasa shi bai kamata ya ɗauki mutane da dare ba sai ya je an duba shi. Idan kuɗin tabarau ne ya gagare shi, mutum ashirin da ke shiga motarsa kowace ranar kasuwa za su iya haɗa masa a tafiya guda.